Ban Haƙurin da Baba Ya Ƙi Karɓa

A layin masu gyara, tsakanin shagon mai walda da na mai ɗinkin labule, akwai wani dattijo mai gyaran kujeru da kowa ke kira Baba Sai-na-gani. Ba shi ya raɗa wa kansa sunan ba, bakinsa ne ya ja masa. Ka kawo masa kujera ka ce yadin kawai za a canza, katakon lafiyarsa ƙalau, zai dube ka ta saman tabarau ya ce, "Sai na gani." Daga nan ya kifar da ita, ya farke baƙin ƙyallen da ke ƙasa, ya zura hannu, ya ƙwanƙwasa katako da ƙotar guduma. Sau da yawa kuwa ya fito da garin itacen da gara ta ci, ya zuba maka a tafin hannu. Aikinsa ba ya da na biyu a unguwar. Kujerar da ya ja wa roba ya ɗora mata soso, sai yara sun girma suna tsalle a kai ba ta lotsa ba.

Da a kujera abin ya tsaya, da babu wanda zai ce komai. Amma Baba ya kwashi halin ya kai gida. In an gaishe shi da fara'a sai ya tsaya tunanin abin da ake nema a wurinsa, in ba a gaishe shi ba kuma an ƙulla wani abu ke nan. Mai kawo masa soso ya yi shekara da shekaru yana kawowa, har gobe sai Baba ya danna kowane falle da gwiwa, ya sunsuna, ya ɗaga shi ga haske. Almajiran sana'a da suka zauna da shi duk sun gudu, don ba wanda zai iya jure a riƙa duban aljihunsa da ido kullum lokacin tashi. Matarsa ce kaɗai ta iya da shi, mace mai sanyin murya wadda ta koyi faɗin inda za ta da wanda ta gani tun kafin a tambaye ta. Da ta rasu, gidan ya koma ɗaki biyu da tsakar gida da kwado a kan kowace ƙofa. Babban ɗansa yana aiki a wani gari mai nisa, gaisuwarsa ta waya ce, ita ma gajeriya. Wadda ta rage kusa ita ce Auta, ma'aikaciyar jinya a babban asibiti, tana da miji da 'ya'yanta, amma ba ta mako ba ta leƙo shagon ba.

Ranar da abin ya faru, Auta ta fito daga aiki da farin kayanta ta biyo ta shagon. Kafin nan da 'yan kwanaki ta ja shi asibiti da ƙyar saboda wani tari da ya ƙi sakinsa, an ɗauki hoton ƙirjinsa, an ɗebi jini, aka ce a dawo karɓar sakamako. Ta zo ne ta ga ko yana shan maganin da aka ba shi. Ta share masa ƙasa, ta tattara guntayen yadi, ta wanke kofin shayinsa. Da za ta tafi, ta rataya jaka a kafaɗa, sai Baba ya soma ɗaga kayan da ke kan teburin aiki yana ajiyewa. Babban almakashinsa yake nema, mai baƙar ƙota, wanda ya fi Auta shekaru a duniya.

"Ba ki ga almakashina ba?"

"Ban gani ba, Baba. Duba ƙarƙashin soson can."

Ya duba, babu. Ya duba aljihun keken ɗinki, babu. Mai Walda yana zaune a bakin ƙofa yana hutawa, da wata mata da ta zo duba kujerunta. A gabansu Baba ya ɗago kai, idonsa ya sauka a kan jakar.

"Buɗe jakar nan in gani. Wataƙila kin haɗa da shi wajen tattara kaya."

Ya ce wataƙila, amma Auta ta san wannan kallon tun tana yarinya. Ta tsaya kamar ba ta ji ba. Can ta sauke jakar, ta kama gindinta, ta zazzage komai a kan teburin: waya, makullai, safar hannu ta asibiti, takalmin ƙaramin ɗanta da za ta kai gyara. Daga nan bakinta ya buɗe, abin da ta haɗiye tun ƙuruciya ya fito gaba ɗaya.

"Ka gani? Hankalinka ya kwanta? Ni ce ɓarauniyar almakashi. Ba ka taɓa yarda da kowa ba a duniyar nan, shi ya sa kowa ya gudu ya bar ka. Mama ta yi wata da watanni tana ɓoye maka ciwonta, don ta san in ta faɗa sai ka ce ƙarya take, har ya cinye ta. Kuma wallahi haka za ka mutu kai kaɗai a bayan kwadonka, sai wari ya sa a san ka mutu."

Mai Walda ya miƙe yana "Haba, haba, 'yata," matar nan ta sulale ta fita. Auta ta kwashe kayanta ta tura a jaka ta tafi, ta bar takalmin yaron guda ɗaya a ƙasa. Baba ya koma bakin aikinsa. Ya ɗauki guduma ya ci gaba da buga ƙusa a wurin da ba ya bukatar ƙusa.

Maganar ta shige shi, babu amfanin a ɓoye. Ya ji zafinta ƙwarai, ya ji kunyar idon Mai Walda, ya kuma ji tsoro, wanda shi ne bai saba da shi ba. Sai ga wani abu ya ƙara dagula lamarin. Bayan kwana biyu ko uku, yana shirin ɗora doguwar kujerar matar nan a kan amalanke, ya ji wani abu ya yi ƙara a cikinta. Ya kifar, ya farke ƙyallen da shi da hannunsa ya rufe, sai ga almakashi kwance a kan roba. Ya ajiye shi ne a ciki lokacin da yake datse bakin yadi, ya manta, ya ja ƙyalle ya buge. Ya waiga dama da hagu, ba wanda ya gani. Ya naɗe almakashin a tsumma ya tura can ƙarshen aljihun tebur, ya ci gaba da yanka da ƙaramin da ke tauna yadi.

Auta ta ɗauke ƙafa. Makonni suka shuɗe, maganinsa yana zuwa ta hannun mijinta, wani malamin makaranta mai yawan ladabi da ke ajiyewa ya gaisa ya gudu. Rannan da hantsi sai ga ƙanwar Baba, wadda yaran ke kira Gwaggo, ta shigo tana haki ta zauna a kan kujerar da ba a gama ba.

"Yaya, Auta ce ta turo ni. Yarinyar nan ta rame, ba ta ci ba ta sha. Ta ce in zo in ba ka haƙuri."

"Da za ta faɗi maganar, ke ta aiko?"

"Ka ji ka da wata magana. Ai kunya take ji."

"Bakin da ya faɗa yana nan a jikinta. Ba a cire shi a asibiti ba."

Gwaggo ta yi ta magana, ta kawo zancen zumunci, ta kawo na marigayiya, ta ce ɗa ba ya fin ƙarfin yafiyar uba. Baba yana jin ta yana jan zare. Ba taurin kai kaɗai ba ne, ko da yake yana da shi har ya ba wani. Haƙurin da aka aiko, a ganinsa, bai ɗauke wa mai laifi komai ba sai tafiya. Gwaggo ta tashi tana cewa shi dai halinsa sai shi.

Bayan 'yan kwanaki Auta ta zo da kanta, amma gida, da yamma, lokacin da ta san ba kowa. Ta zo da kular abinci da sabon bargo. Ta gaishe shi ya amsa a taƙaice. Ta durƙusa daga bakin ƙofar ɗaki, idonta a kan tabarma.

"Baba, in na faɗi abin da ya ɓata maka rai, ka yi haƙuri. Ranar na kwana a wurin aiki, ga gajiya, kuma ka san yadda abin ya faro."

"In kin faɗa?" in ji Baba. "Ashe ba ki tabbatar ba. To je ki tuna, in kin tuna kya dawo."

Ta ɗago ta dube shi, bakinta ya motsa, ya ga tsohon fushin nan ya taso har maƙogwaro, ta danne shi. Ta ajiye kular ta fita.

A nan ne ƙwaƙwalwar Baba ta kama aikin da ta fi iyawa. Ya zauna yana duban bargon. Auta 'yarsa ce, zuciyarsa ta ɗauko, ba ta taɓa ba wani haƙuri ba tun tana rarrafe. In ta yi faɗa da wanta a da, sai dai uwarsu ta gaji ta raba. Yau ita ce har da aiko Gwaggo, har da durƙuso, har da haɗiye magana. Me ya sa yanzu? Ya lissafa abin da ya canza tsakanin ranar jaka da yau, bai ga komai ba sai abu ɗaya: sakamakon asibiti ya fito, kuma ita ta karɓa. Ta aiko mijinta ya ce ba wani abu ba ne, ƙurar soso ce. Ƙurar soso! Da ƙurar soso ce, me ya kawo bargo? Ya san yadda ake yi. Mutum ba ya ganin 'yan neman gafara sun yi layi a ƙofarsa sai an ji ƙamshin tafiyarsa. Ya yi tari, ya saurari tarin da kyau, ya ji kamar ya fi na jiya zurfi.

Washegari ya rufe shago da rana tsaka, abin da bai taɓa yi ba, ya kwashi ƙwayoyinsa a leda ya tafi wani kemis da ke nesa da unguwar, inda ba a san Auta ba. Ya zube su a kan kantar shagon.

"Wannan na wane ciwo ne? Kada ka rufe ni, ni ba yaro ba ne."

Mai kemis ya juya kwalayen ya ce na tari ne da na buɗe ƙirji, sai wannan na ƙarin jini. Baba ya ce, "Irin wanda ake ba mutum don a rage masa wahala kafin lokaci ya yi?" Mai kemis ya yi dariya. Baba ya rubuta dariyar a ransa a matsayin shaida.

Ya kira babban ɗansa a waya, wanda rabonsa da ya kira shi da kansa har ya manta. Ɗan ya ɗauka da sauri, muryarsa a tsorace: "Baba, lafiya?" To, ga shi nan. Me zai sa ya tsorata in ba an gaya masa wani abu ba? Bai kawo a ransa cewa uban da ba ya kira, in ya kira dole gaba ya faɗi ba. Ya tsare surukinsa ranar da ya kawo magani, ya sa shi zama a kan benci, ya yi ta juya shi da tambaya har gumi ya karyo wa bawan Allah. Malamin ya rantse cewa takardar sakamako tana gida, zai kawo. Baba ya ce takarda ai hannu ke rubuta ta.

A ƙarshe ya tafi asibitin da kansa, ya zauna a kan dogon benci tun safe a cikin masu jira, yana ɓoye fuska da hula duk lokacin da mai farin kaya ta wuce. Da ya shiga, likitan ya nemo hoton ƙirjinsa ya ɗora a kan fitila ya nuna masa. Ya ce huhun ya sha ƙura ne na shekaru, ya riƙa ɗaura ƙyalle a hanci in zai yanka soso, ya bar ƙofa a buɗe, ya rage shaƙar gam. Ban da haka, zuciyarsa ta fi ta wasu samari.

"Ka san 'yata? A nan take aiki."

"Na san ta mana. Tana cikin masu ƙoƙarinmu."

Baba ya gyaɗa kai. Ya fito yana cewa a ransa ai dama, bakinsu ɗaya. Sai dai a hanyar komawa ya lura ya hau gadar masu ƙafa ya sauka bai tsaya hutawa ba, kuma duk iya zarginsa bai ga yadda za a haɗa baki da ƙafafunsa ba. Ya yarda ba mutuwa zai yi ba, ba da son ransa ba.

Wani zai ce shi ke nan, sai hankali ya kwanta. Baba kuwa sai zarginsa ya koma kan shago. Mai ɗinkin labule ya daɗe yana son ya fasa bango ya faɗaɗa, kuma an taɓa ganin Auta ta tsaya suna gaisawa. Wataƙila so ake a lallaɓa shi ya bar sana'a, a kai shi ɗakin baya na gidan suruki ya zauna yana gadin jikoki. Ya yi kwanaki yana leƙen mai labule ta ƙofa, har ya je ya tambaye shi zare da ba ya bukata don ya ga ko zai kauda ido. Mutumin ya ba shi zaren, ya tambaye shi jikinsa, ya koma kan kekensa. Da wannan ma ya rushe, wani tunanin ya zo masa: ko ita ce ba lafiya? Gwaggo ta ce ta rame. Uwarta ma da rama ta fara. Ya tashi ya je ya tsaya a bayan rumfar mai jarida da ke kallon ƙofar asibiti lokacin tashin ma'aikata. Ya ga ta fito da wata abokiyar aikinta, tafiyarta daram, har ta ruga da gudu ta kama motar haya. Ya ji daɗi har idonsa ya kawo ruwa, ya kuma ji haushin cewa ya dawo hannu biyu.

Gaskiyar magana, Baba yana so a ce akwai dalili. Dalili abu ne da ya san yadda ake kamawa. In an ce mutuwa ce, ko shago, ko ciwo, zai san farashin haƙurin, ya karɓa ko ya mayar. Amma a ce 'yarsa ta zo don kawai abin ya dame ta, wannan bai san inda zai sa hannu ya ƙwanƙwasa ba. Ga kuma maganar uwarta da ke nan zaune a ƙirjinsa, ita ce bai yarda ya duba ba ko sau ɗaya.

Ta dawo wata ranar aiki da hantsi, a shago, ba kula, ba bargo. Baba ya hango ta tun daga bakin layi. Kafin ta iso ya ja aljihun tebur, ya warware tsumma, ya ajiye babban almakashin a tsakiyar tebur inda makaho ma zai yi tuntuɓe da shi. Gwaji ne. In ta gan shi ta ce "ashe ka same shi," to ciniki ta zo yi: ta ba da nata haƙurin, ta karɓi nasa.

Auta ba ta shigo kai tsaye ba. Ta leƙa shagon Mai Walda ta gaishe shi, ta ce, "Kawu, don Allah ka ɗan zo. A gabanka na yi, ina so a gabanka in gyara." Mai Walda ya kashe inji, ya ture baƙin gilashinsa zuwa goshi, ya zo ya tsaya a bakin ƙofa yana goge hannu.

Ta shigo. Idonta ya sauka a kan almakashin, Baba yana kallonta. Ta gan shi sarai. Sai ta kauda kai, ta durƙusa a ƙasa cikin guntayen soso da farin kayanta.

"Baba, na tuna. Dama ban manta ba, tsoron maimaitawa nake. Na ɗaga maka murya a gaban mutane. Na ce kowa ya gudu ya bar ka. Na ce za ka mutu kai kaɗai sai wari ya sa a sani." Muryarta ta karye a nan, ta jira ta dawo. "Na zaɓi maganar da na san za ta fi yi maka ciwo, da gangan na zaɓa. Ba gajiya ba ce, ba aiki ba ne, ni ce. Na yi laifi, ka yafe mini."

Baba ya jira. Ya san bayan irin wannan akwai "amma", kullum akwai. Ya ba ta fili har shirun ya yi tsawo, Mai Walda ya sauya ƙafa. Ba ta ƙara komai ba.

"Me ya sa sai yanzu?" ya ce.

"Na yi ta shirya maganar, kullum sai in ji na sako naka laifin a ciki. Na ce ba zan zo ba sai ranar da zan iya faɗin nawa shi kaɗai."

"Wa ya sa ki?"

"Ba kowa. Gwaggo ma cewa ta yi in bari ka huce."

"Me kike so a wurina?"

"Ka yafe mini. In ba yau ba, zan dawo." Ta share hanci da bayan hannu. "Na san ka je wurin likita, Baba. Na san ka tsare baban yara. Na gan ka a bayan rumfar mai jarida."

Kunya ta rufe Baba. Ya jira ta ɗora wani abu a kai, ba ta ɗora ba. Ta faɗa ne don kada ya zauna yana tunanin ko ta sani.

Ya ɗauki almakashin, ya juya shi a hannu, ya ajiye. "A cikin kujera na same shi. Ni na rufe da shi."

"To, Baba."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Mai Walda ya buɗe baki zai sa albarka a rufe zancen, Baba ya ɗaga masa hannu. Akwai saura. Ya lura da kyau, don lura ce sana'arsa: ta lissafa maganganunta ɗaya bayan ɗaya, ta tsallake guda.

"Ba ki faɗi ta uwarki ba."

Auta ta sunkuyar da kai.

"Kin ce ta ɓoye mini ciwonta don kada in ce ƙarya take. Wannan ma fushi ne ya sa ki ƙirƙira, ko haka aka yi?"

Yana tambayar yana roƙon Allah a ransa ta ce fushi ne. Ya kuma san kansa: in ta ce fushi ne, zai ga ƙaryar a fuskarta, daga nan duk abin da ta faɗa yau ya zama yadi a kan ruɓaɓɓen katako. Ita ma ta san haka. Ya ga ta dubi ƙofa, ta dubi Mai Walda, wanda ya gane ya ja da baya ya koma shagonsa ba tare da an ce masa ba.

"Haka aka yi, Baba," ta ce a hankali. "Ni na riƙa kai ta asibiti a ɓoye. Ta ce kada in gaya maka har abada, ta ce ba mugunta ba ce, haka Allah ya yi ka, kuma in ka sani ba za ka iya ɗauka ba. Na yi mata alkawari. Ranar nan na ɗauki amanarta na jefe ka da ita. Wannan ne ya hana ni barci, ya fi duk sauran. Ba zan ce maka ƙarya na yi ba. Amma ba ni da ikon faɗa, kuma ba a haka ba."

Baba ya nemi benci da hannu ya zauna. Ya tuna wata safiya da matarsa ta dafe ciki a bakin murhu, ya tambaye ta ko don kada ta je gaishe da 'yar'uwarsa ne ciwon ya tashi yau. Ta yi murmushi ta miƙe ta ɗauki mayafi. Bai sake ganin ta dafe ciki a gabansa ba.

Ya dubi 'yarsa a durƙushe. A duk tsawon rayuwarsa yau ne aka kawo masa abu ya bincika ta ko'ina ya tarar babu algus, kuma da zai iya, da ya mayar an sako masa ƙarya kaɗan a ciki. Ya yarda da ita gaba ɗaya, yardar kuwa ta yi masa nauyin da bai taɓa ɗauka ba.

"Tashi, kayanki za su ɓaci," ya ce. Ba ta tashi ba. "Na yafe miki, Auta. Duniya da lahira na yafe. Allah ya yi miki albarka, ya sa naki su ji ƙanki."

Ta kifa kai a gwiwarsa ta yi kuka sosai, irin na wanda ya sauke kaya. Ya ɗora hannu a kanta, hannun duk busasshen gam. A maƙwabta injin walda ya tashi, Mai Walda ya ƙara masa ƙara fiye da yadda aikin ke bukata.

Da ta lafa ta ɗago, ta ga idonsa ba a kanta yake ba, yana kan titi.

"Ke kin samu inda kika kawo naki ban haƙurin," ya ce. "Ni wa zai kai wa uwarki nawa?"

Auta ta share hawayenta. Ta tashi daga ƙasa ta zauna kusa da shi a kan bencin, mutane suna ta wucewa a bakin ƙofa.